Darasi: Fargabar Ƙarewar Kwantiragi da Zaman Abokan Aiki

Ma'aikacin kwantiragi shi ne wanda aka ɗauka aiki na wani ƙayyadadden lokaci, wata uku ko shida ko shekara guda, da sharaɗin cewa idan wa'adin ya cika aikin ya ƙare, sai fa in an sabunta. A Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ana kiran irin waɗannan ma'aikata da sunaye daban-daban: 'yan wucin-gadi, 'yan sa-kai, 'yan alawus. Su ne malaman da ke cike gurbi a firamare, da matan da ke bin gida-gida don rigakafi, da masu rubuta kati a asibitocin sha-ka-tafi, da masu gadi da masu shara, da leburorin da 'yan kwangila ke ɗauka a ayyukan hanya da na ruwa a kewayen madatsar Tiga. Sau da yawa aikinsu ɗaya da na ma'aikacin dindindin, a ɗaki ɗaya, a kan teburi ɗaya. Bambancin shi ne ɗaya ya san inda zai wayi gari baɗi, ɗayan kuwa bai sani ba.

Yankin yana dogaro da su ƙwarai saboda nisansa. Wanda ya baro hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore zuwa Riruwai, hedikwatar Doguwa, ya yi nisa da birni sosai. Ma'aikacin dindindin da aka turo daga Kano yakan fara neman sauyin wurin aiki tun bai gama sauke kayansa ba, don haka nauyin yau da kullum yakan koma kan 'yan gari da aka ɗauka na ɗan lokaci.

Daga ina fargabar take tasowa

Gajeren wa'adi shi kaɗai ba ya haifar da fargaba. Wanda aka ɗauka yankan shinkafa a Tudun Wada ya san da kaka ta wuce aiki ya ƙare, ya karɓi kuɗinsa ya nemi wani abin yi, kuma ba ya kallon abokin yankansa da mugun ido. Abin da ke hana barci shi ne aikin da ake cewa "wataƙila a sabunta". Masu nazarin halayyar ma'aikata biyu, Greenhalgh da Rosenblatt, sun bayyana a 1984 cewa rashin tabbas a wurin aiki ya ƙunshi abu biyu tare: mutum yana ganin barazana ga aikin da yake son ci gaba da shi, kuma yana jin ba shi da ikon kare kansa daga barazanar. Kashi na biyun ne ya fi ciwo. Ma'aikacin bai san ranar da za a yanke hukunci ba, bai san wane ne zai yanke ba, bai kuma san da wane ma'auni za a auna shi ba.

Tarihin shekarun nan ya koya wa mutanen yankin cewa kowane irin ƙarshe yana iya faruwa. Shirin N-Power na gwamnatin tarayya ya fara a 2016 da alawus na naira 30,000 a wata, kuma an ce shekara biyu za a yi. Rukunin farko ya zarce wa'adin har kusan shekara huɗu ba tare da an faɗa masa matsayinsa ba, sannan aka sallami rukuni na farko da na biyu a watannin Yuni da Yuli na 2020. A Oktoban 2023 aka dakatar da shirin gaba ɗaya don bincike. A wani ɓangaren kuma, malaman shirin BESDA, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, sun daɗe suna koyarwa a kan ɗan alawus, daga baya gwamnatin Kano ta Abba Kabir Yusuf ta mayar da sama da dubu biyar daga cikinsu ma'aikatan dindindin. A Janairun 2025 kuwa gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, ayyukan lafiya da dama a Nijeriya suka tsaya cak, alhali ba wani laifi da ma'aikatansu suka yi.

Wanda ya ga waɗannan duka yana ɗaukar darasi mai rikitarwa. Haƙuri yana iya kai mutum ga takardar dindindin, yana kuma iya kai shi ga sallama bayan shekara huɗu. Saboda haka ba ya iya tafiya, don kada a tantance bayan ya tafi, kuma ba ya iya sakin jiki. A irin wannan hali mutum yakan nemi abin da hannunsa zai iya kaiwa. Hannunsa ba ya kaiwa Abuja ko ofishin da ke riƙe da kuɗin shirin. Abin da yake kaiwa shi ne shugabansa na kusa da abokan aikinsa, don haka a kansu halinsa yake sauyawa.

Misali daga wani ƙaramin asibiti

A ɗauka akwai wani asibitin matakin farko a ƙasar Doguwa mai ma'aikatan dindindin biyu, wato incaji da ungozoma, da kuma 'yan kwantiragi huɗu da wani shiri yake biya. Kwantiraginsu na wata shida ne, zai ƙare 31 ga Disamba. A tsakiyar Nuwamba jami'in da ya zo duba aiki ya faɗa wa incaji a bakin mota cewa kuɗin baɗi ba zai ɗauki mutum huɗu ba, uku za a riƙe. Bai faɗi wa za a ajiye ba, bai faɗi yadda za a zaɓa ba. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen kowa.

A lissafi, mutum ɗaya ne zai rasa aiki. A zahiri kuwa mutum huɗu ne za su yi mako shida kowannensu yana zaton shi ne. Kowa ya fara auna kansa da sauran ukun: wane ne ya fi daɗewa, wane ne yake da takardar makarantar koyon aikin lafiya, wane ne yake da uwa a gindin murhu a sakatariya.

Ɗaya daga cikin huɗun ita ce mai kula da firjin rigakafi. Ƙa'ida ita ce alluran su zauna tsakanin digiri 2 da digiri 8 a ma'aunin salshiyas, a duba ma'aunin safe da yamma a rubuta a takardar da ke jikin firjin. Wata safiya cikin sanyin hunturu ta tarar ma'aunin ya sauka ƙasa da sifiri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allurar fenta, wadda ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14 don kare shi daga cututtuka biyar, har da mashaƙo, tana lalacewa idan ta daskare, kuma bayan ta narke ido ba ya bambanta ta da mai kyau. Ɗan tambarin da ke jikin kwalbar, wanda yake yin duhu idan allura ta sha zafi, ba ya nuna daskarewa. Abin da ya kamata ta yi sananne ne: ta rubuta ainihin abin da ta gani, ta ware kwalaben, ta sanar da incaji, a kira jami'in ajiyar rigakafi na ƙaramar hukuma, a yi gwajin girgizawa. A gwajin ana daskarar da kwalba ɗaya ta rukunin da gangan, a bar ta ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su gefe da gefe. Idan ƙasan wadda ake zargi ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, to ta lalace, sai a zubar.

A watan Agusta da ta yi haka ba tare da wani tunani ba. A ƙarshen Nuwamba kuwa lissafinta ya sauya. Idan ta faɗa, za a rubuta rahoto, sunanta zai fito a takarda tare da asarar allurai, a daidai makon da ake neman wanda za a ajiye. Idan ta rubuta 4 a takardar ta yi shiru, da wuya wani ya gane. Yaran da za a yi wa allurar ba za su nuna wata alama ba a ranar, sai dai kariyarsu ta raunana, kuma Kano ta ga abin da rashin kariya ke jawowa a annobar mashaƙon da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta yi tsanani a 2023. Ba muguwar mace ba ce. An dai jefa ta cikin tsarin da faɗin gaskiya yake iya cinye abincin 'ya'yanta.

Na biyu shi ne mai haɗa rahoton wata, wanda ya fi kowa iya cike takardun da ake aikawa ƙaramar hukuma. A da yana koya wa ƙaramar cikinsu. Yanzu idan ta ce, "Yaya, nuna mini yadda ake fitar da adadin waɗanda ba su dawo allura ta uku ba," sai ya ce, "Bari in gama wannan, ƙanwata, gobe ma zauna." Goben ba ta zuwa. Ya fahimci cewa muddin shi kaɗai ya iya, ba za a iya ajiye shi ba. Na uku kuma ya ga abin da ya faru da firjin, domin shi ya buɗe ɗakin da safe. Bai yi wa mai firjin magana ba, bai kuma nemi a ceci alluran ba. Ya riƙe labarin har ranar da jami'in shirin ya dawo, ya raka shi mota, ya ce, "Yallaɓai, ni dai ba ruwana, amma a riƙa duba takardar firji." Ƙaramar cikinsu, da ta ga kowa ya ja baya, sai ta fara zuwa kafin kowa da tashi bayan kowa, tana karɓar duk aiken da incaji ta yi mata har na gida, ta daina tambaya don kada a ce ba ta iya ba.

A ranar 31 ga Disamba an ajiye mutum ɗaya. Amma ukun da suka rage sun shiga Janairu kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya yi masa, kuma sabon kwantiragin ma wata shida ne.

Abin da nazari ya gano

Halin mai haɗa rahoto sananne ne ga masu bincike. Catherine Connelly da abokan aikinta sun wallafa a 2012 cewa ɓoye sani a wurin aiki yana zuwa ta hanya uku: mutum ya yi kamar bai sani ba, ko ya yi ta waskiya da alkawarin gobe da bayar da rabin bayani, ko ya kawo hujjar cewa ba a ba shi izinin faɗa ba. Wani nazarin da Matej Černe ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya nuna cewa abin yana dawowa kan mai shi: wanda aka ɓoye wa yakan gane, ya daina yarda, shi ma ya ɓoye nasa, har mai ɓoyewar farko ya rasa abin da yake buƙata. A ƙaramin asibiti mai mutum shida wannan yana faruwa cikin 'yan makonni, domin ba wanda aikinsa bai rataya da na wani ba.

Batun firjin kuwa ya dace da abin da Amy Edmondson ta gano a asibitocin Amurka a 1996. Ta yi zaton rukunonin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren magani a rubuce, sai ta tarar sun fi yawa. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne su ne suka fi faɗin kuskurensu, sauran kuwa rufewa suke yi. Wannan ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya riƙe shi: raguwar rahoton matsala a wata biyun ƙarshen kwantiragi ba lallai alamar gyara ba ce.

Akwai kuma bambancin da ake yawan mantawa. Idan barazanar ta shafi kowa baki ɗaya, kamar a ce shirin gaba ɗaya zai rufe, ma'aikata sukan haɗa kai. 'Yan N-Power sun kafa ƙungiyoyi sun yi zanga-zanga tare a 2020, domin nasarar ɗaya ita ce nasarar kowa. Idan kuwa aka ce wasu za su tafi wasu su zauna, kuma ba a faɗi ma'auni ba, kowane abokin aiki ya zama kishiya. Saboda haka kalmar "za a rage" ta fi kalmar "za a rufe" ɓata zumunci, ko da yake ta biyun ta fi muni ga aljihu.

A waɗannan garuruwa abin ba ya tsayawa a wurin aiki. Mutanen da ke takarar gurbi ɗaya galibi 'yan unguwa ɗaya ne, a masallaci ɗaya suke salla, wani ma surukin wani ne. Maganar da aka kai wa jami'i a bakin mota takan isa zauren dagaci, ta shiga gidan biki. Siyasa ma takan shigo, musamman bayan zaɓe. A 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta tsayar da albashin sama da ma'aikata dubu goma da gwamnatin da ta gabata ta ɗauka a ƙarshen mulkinta, kafin daga baya a mayar da mafi yawansu bayan tantancewa. Idan mai takardar dindindin ya ga haka, ɗan kwantiragi zai ƙara kula da wanda ake ganin sa tare da shi da irin hular da yake sawa.

Yadda ake gane ta

Alamar da ta fi inganci ita ce lokaci. Idan rigima da ɓacin rai suna tashi a daidai watannin da kwantiragi ke gab da ƙarewa, su lafa bayan an sabunta, to matsalar ta tsari ce, ba ta halin mutanen ba. Sai kuma takardun da suka yi kyau fiye da kima: takardar firjin da ta nuna 4 safe da yamma har kwana talatin, da biro ɗaya da hannu ɗaya, alama ce ta an cike ta a zama ɗaya. A makaranta kwatankwacinta ita ce rajistar da ba yaron da ya taɓa fashi, ko da a lokacin girbi. Haka nan idan ƙorafi ya daina fitowa a taron ma'aikata ya koma zuwa wa shugaba a keɓe, ko mace mai juna biyu ta ɓoye cikinta har ya fito, ko marar lafiya ya ƙi neman hutu.

Ba kowace gaba ce fargaba ta haifa ba. Akwai mai ɓoye sani ko yana da fansho, akwai ɗan kwantiragin da ke koyar da kowa har ranar da aka sallame shi. Wanda yake da gona ko shago ko takardar da ake nema a wani wuri ba ya jin abin kamar wanda alawus ɗin ne kaɗai abin dogaronsa. Ƙwazon da fargaba ke kawowa ma gaskiya ne, amma ƙwazo ne a inda idon shugaba yake gani. Ayyukan da ba a ƙirgawa, kamar riƙe wa abokin aiki aji ko koya wa sabon zuwa, su ne suke fara mutuwa.

Abin da doka ta ce, da abin da shugaba zai iya

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata uku su cika da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da wa'adin sanarwa, da ranar ƙarewa idan kwantiragin na ƙayyadadden lokaci ne. Sashe na 11 ya tsara sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Sai dai sashe na 9 ya ce kwantiragi yana ƙarewa da kansa idan wa'adinsa ya cika. Ma'anar wannan ita ce wanda aka yi ta sabunta wa wata shida-shida har shekara uku ana iya barin wa'adinsa ya cika kawai, ba sai an sallame shi ba. Ƙari a kan haka, dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu, ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, waɗanda abin da aka rubuta a takardarsu ne yake hukunci a kansu. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa kuma take da reshe a Kano, takan duba haƙiƙanin dangantakar aiki, ba sunan da aka laƙaba mata kaɗai ba. Amma ɗan alawus na Riruwai da wuya ya iya ɗaukar lauya, shi ya sa ajiye takardar kama aiki da shaidar biyan kuɗi ta banki yake da amfani gare shi tun kafin a kai ga gardama.

Incaji ko hedimasta ba shi da ikon ƙara kuɗin shiri, amma yana da iko a kan rashin sani, wanda shi ne tushen ɓarnar. A misalin da ya gabata, da incaji ta nemi jami'in ya faɗi ranar yanke hukunci da ma'aunin da za a bi, ta tara huɗun ta faɗa musu a zama ɗaya, da mako shida na zato sun ragu zuwa abin da kowa zai iya lissafa wa kansa. Irin ma'aunin ma yana da tasiri. Idan aka ce wanda ya fi yawan allurai a rajista shi za a riƙe, an gayyato ƙarin suna na ƙarya da ƙwace wa juna uwayen yara. Idan aka bi daɗewa a aiki, kamar yadda sashe na 20 na dokar ya tanada wajen rage ma'aikata, cewa na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, to tsegumi ba ya ƙara wa kowa maki. Haka kuma ana iya raba rahoton matsala da takardar tantancewa, a bayyana cewa wanda ya sanar da lalacewar firji a kan lokaci ya yi aikinsa ne, a riƙa juya ayyuka kamar haɗa rahoton wata tsakanin mutum biyu don kada sani ya taru a hannu ɗaya, kuma duk wanda ya kawo ƙarar abokin aikinsa a keɓe a ce ya maimaita a gaban wanda ake ƙarar. Wanda za a ajiye kuwa, sanarwar wata guda da takardar shaidar aiki mai sa hannu da hatimi suna ba shi damar neman wani gurbin a shiri na gaba, ko ya shirya wa noman rani tun ruwan fadama bai ja ba.